Samfur ɗaya a tsakanin 1 da 0

A wani injin casar shinkafa da ke wajen Kura aka ba ni aikin tace siginar na'urar da ke auna girgizar injin. Abin da ke ƙasa da 80 Hz muke so, amma wutar janareta tana cusa ƙara a wajajen 100 Hz, wato ninki biyu na 50 Hz ɗin janaretan. Da hanyar ɗibar samfurin firikwansi na tsara filtar FIR ɗin, wato ka faɗi abin da kake so filtar ta bayar a wasu firikwansi masu tazara ɗaya, 1 ya wuce, 0 a toshe.

Muna ɗibar sigina sau 330 a daƙiƙa, na zaɓi yawan samfuran firikwansi N = 33, don haka tazarar samfur da samfur 10 Hz ce. Daga samfur mai lamba k = 0 zuwa 8 na sa 1, daga k = 9 zuwa 16 na sa 0, ragowar suka zama madubin waɗannan. Na haɗa musu jinkirin samfur 16, sannan IDFT ta fitar da h(n), lambobin filtar.

Filtar tana cika alkawari a kan wuraren nan 33 kaɗai. A daidai 100 Hz sifili take bayarwa, sai ka ɗauka an gama. To amma janaretan ƙauye ba ya zama a 50 Hz. Da kaya sun yi masa sauƙi ya haura 52, ƙarar ta koma 104 Hz, tsakanin samfura biyu, inda ragewar ba ta wuce 21 dB ba. A wajen 95 Hz kuwa 16 dB ce kawai. Wanda ya duba da FFT mai tsawon 33 ba zai taɓa ganin wannan ba. Sai ya duba da `freqz(h,1,1024)` tuddan ƙarar da ke sulalewa tsakanin samfura za su bayyana.

Dalili shi ne kowane samfur yana da jela mai hawa da sauka wadda ke ratsa tsakanin sauran. Idan aka faɗo daga 1 zuwa 0 kai tsaye, jelolin samfuran da ke kan gaɓa ba su samun abin da zai soke su. Ƙara N ba ya maganinsa, matse tuddan kawai yake yi.

Sai na ɗaga k = 9, da takwaransa k = 24, daga sifili. Jelarsa tana adawa da ta sauran, tana cinye ta. Da 0.5 ragewar ta kai kusan 30 dB, da 0.39 ta haura 40 dB. Hankali zai ce rabi ne daidai, amma rabi ya zarce abin da ake bukata, shi ya sa teburan ƙimar samfuran kan gaɓa da Rabiner, Gold da McGonegal suka fitar a 1970 suke da amfani har yau. Samfura biyu, kusan 0.59 da 0.11, suna wuce 60 dB.

Ba kyauta ba ne. Yanzu toshewa daga 100 Hz take farawa, ba 90 ba. Ranar da casa ta yi wa janareta nauyi ya sauka 47 Hz, ƙarar na faɗawa 94 Hz, cikin gangaren da na buɗe da hannuna. Maganin wannan shi ne ninka N zuwa wajen 65 don gangaren ya tsuke, jinkiri da lissafi kuma su ninku.