Abin da motata ke ci a wata, ba mai kaɗai ba

Da na sayi Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano, duk wanda na tambaya abu ɗaya yake faɗa min: ba ta shan mai. Gaskiya suka faɗa. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya zuba ido a kan lita, har aka manta cewa mota tana da wasu bakunan da take ci da su.

Mai shi ne mafi sauƙin lissafi. Ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita da ke jikin mita, in ka koma ka sake cikawa sai ka raba tafiyar da ka yi da litar da ta shiga. Tawa, tsakanin Kawo da Barnawa a Kaduna, da cunkoson titin Ahmadu Bello, tana ba ni kilomita 10 a lita ɗaya. Ina yin kusan kilomita 1,000 a wata, lita 100 ke nan. Lokacin da na yi lissafin ina sayen lita naira 900, wato 90,000. Juyen baƙin mai da filta yana cin min 30,000 duk kilomita 5,000, ya kama 6,000 a wata. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 15,000 ce a shekara tun Janairun 2023, wato 1,250 a wata, kuma ba ta gyara maka motarka. Sabunta takardu na ware masa 2,000 a wata, don ba na son tsayawa gaban 'yan KASTLEA, jami'an kula da hanya na jihar Kaduna, ina ba da haƙuri.

Taya ce ta ƙona min rai, har yau in na tuna sai na ji ɗaci. Tayoyin da motar ta zo da su sun gaji, sai na sayi na gwanjo guda huɗu, kowace 25,000. Zanensu raɗau. Wata goma suka yi. Na gaban biyu suka cinye ta ciki har waya ta leƙo, alhali ta waje kamar ba a taka su ba, na bayan kuma gefensu ya tsattsage. Wani mai faci ne ya durƙusa ya goge gefen tayar da yatsa, ya ce, "Alhaji, karanta nan." Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu: 2316. Mako na 23, shekarar 2016. Roba ta bushe tun kafin ta shigo ƙasar nan, wanda ya sayar min kuwa bai ce uffan ba.

Duba yadda lissafin ya juye. Naira 100,000 a wata goma, 10,000 ke nan kowane wata. Sababbi na same su 60,000 kowace, 240,000 gaba ɗaya, kuma na ɗora musu kilomita 40,000, wanda a tafiyata wata arba'in ne: 6,000 a wata. Arahar da na bi ta fi tsada da naira 4,000 duk wata, ban da hatsarin fashewa a hanyar Zariya da iyali a ciki.

Cin da tayar ta yi ta ciki kuwa ba laifin tsufanta ba ne kaɗai. Bakanikena a Panteka ya ɗaga motar, ya kama tayar gaba ya girgiza, sai ga ta tana rawa. Ƙafar motar ce ta mutu: shokozoba ta zubar da mai, robobin hannun ƙasa sun tsage. Ya ce, "Maigida, ko sabuwar taya ka sa a kan wannan ƙafar, haka za ta cinye ta." Gyaran da saitin ƙafa ya lashe 180,000. Ramukan damina ne ke ƙarasa ƙafar motar da ta riga ta tsufa, kuma dillali ba ya canza ta kafin ya sayar. Da batir da takalmin birki da ƙananan abubuwa, gyaran shekarar farko ya kai 300,000, wato 25,000 a wata.

Jimilla naira 130,250. A kan kuɗin mai akwai 40,250 da ba ka ganinsu kullum, sai su taru su faɗo maka rana ɗaya, kamar bashin da ba ka san ka ci ba. Yanzu albashi na shigowa nake tura 40,000 wani asusu daban wanda ba ni da katinsa. Duk mai shirin sayen mota ta hannu, ya tafi da bakanikensa, a ɗaga ta a girgiza ƙafafun, a karanta lambar kowace taya har da safaya, sannan a cire kuɗin waɗannan daga farashi kafin a ce an sallama.