Allon asibitin da na cire da hannuna a hanyar Kumo

Shekara 14 ke nan ina sana'ar rubutun allo a Gombe, tun muna yi da buroshi da fenti har injin yanka sitika ya zo, amma aikin da ya fi tsaya mini a rai allo ne guda ɗaya, ƙafa 8 a ƙafa 4. Wata ƙungiyar ci gaban gari ce ta ba ni shi. Suna da ƙaramin asibitin haihuwa a cikin gari, kuma kwanar da ake shiga tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Gombe ta bi ta Kumo zuwa Billiri da Kaltungo. Baƙo ba ya gane kwanar. Suka ce a yi musu allo mai ɗaukar ido da dare, farin rubutu a kan shuɗi.

Takardar da shugabansu ya miƙo mini tana ɗauke da ASIBITIN HAIHUWA DA KULA DA ƘANANAN YARA, sai sunan garin, sai sunan ƙungiyar da ta ɗauki nauyi. Na buɗe manhajar zane ta CorelDRAW na zaɓi salon harafin da ake kira Impact, domin shi muke sa wa allon shago kullum, yana da kauri, yana cika ido. Na sa tsayin harafi inci 8. Layin farko ya ƙi shiga faɗin allon. Maimakon in rage kalmomi, sai na kama gefen rubutun na matse shi har ya shige, ya koma wajen kashi 70 cikin 100 na faɗinsa. Wannan matsewar ko minti ɗaya ba ta ɗauke ni ba, kuma ita ce ta cinye ribar aikin gaba ɗaya.

A bakin shago da rana allon ya yi kyau ƙwarai. Maƙwabta suka yaba, mai walda ya haɗa ƙafafu, muka kai muka kafa shi daidai bakin kwanar, aka biya ni.

Bayan kamar mako 3 shugaban ƙungiyar ya kira ni da sassafe. Ya ce, "Malam, allon nan naka da dare ba ya karantuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sitika mai ƙyalli na sa, mai tsadar ma." Ya ce ƙyallin yana nan, rubutun ne babu. Wani direba ya ɗauko matar ƙaninsa tana naƙuda wajen ƙarfe 2 na dare, an kwatanta masa cewa zai ga allo, ya ga wani abu ya haska fari fat ya wuce, bai gane asibitin ba ne sai da ya yi nisa ya tambayi masu shayi ya juyo. Allah ya sa ta sauka lafiya. Amma ni ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Da daddare na roƙi maƙwabcina, wani dattijo injiniyan hanya da ya yi ritaya, ya raka ni a motarsa. Muna dosowa da dogon haske na ga abin da idona. Daga nesa layin farko ya zama wata doguwar farar sanda. HAIHUWA ta koma kamar karan darni a jere, tsaye-tsaye kawai, ba ka bambance H da A da U. B ɗin ASIBITIN ta cike, ramukanta biyu sun ɓace. Muka tsaya, Baba ya bar fitila a kunne, ya ce in je jikin allon in riƙa takowa baya ina ƙirgawa. Shi kuma yana biye da ni yana faɗin inda rubutun ya daina fita. Taku 30 ne, wajen mita 25.

Nan a gefen titi ya yi mini lissafin. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ke nan direba yana da daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ya karanta kalmomi sun fi 10, ya fahimta, ya taka birki, ya karya kwana. Ya ce, "Ɗana, ko limamin garin ne ba zai karanta wannan ba."

Abin da ya faru shi ne, farar sitika mai ƙyalli tana mayar da hasken fitila kai tsaye zuwa idon direba, kuma a cikin duhu farin yana yi wa ido kamar ya kumbura ya malalo gefe. Duk harafin da ramin cikinsa ƙarami ne, hasken sai ya cike ramin. Duk haruffan da suka matsu da juna, sai su haɗe. Idon mai shekaru ya fi shan wahalar wannan. To shi Impact dama an zana shi ne a 1965 don kanun jarida da talla, jikinsa kauri, ramukansa 'yan siraran tsagu. Ni kuma na zo na ƙara matse shi. Matsewar ma tana da wata illar da ban taɓa lura da ita ba sai daren nan: sandunan tsaye suna sirancewa tare da ramukan, na kwance kuwa suna nan da kaurinsu, sai harafin ya rasa daidaiton da mai zanensa ya ba shi.

Washegari Baba ya fito mini da tsofaffin takardunsa. A nan na fara sanin cewa haruffan allon hanya jinsinsu daban ne. Na Amurka, waɗanda ake kira Highway Gothic, tun 1948 aka fitar da su, kuma jeri-jeri ne: Series B siriri, ana tafiya C, D, E har F mai faɗi sosai. Wato idan wuri ya yi maka kaɗan, akwai siririn da aka zana shi a siririnsa, ba ka matse mai faɗi da hannunka ba, kuma ko shi siririn ba ya kai mai faɗin nisan karatu. Na Ingila kuma sunansa Transport, Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana shi tsakanin 1957 da 1963. Abin da ya fi taɓa ni a nasu shi ne kauri biyu suka yi: Medium don farin rubutu a kan allo mai duhu, Heavy don baƙin rubutu a kan fari ko rawaya. Sun san fari yana kumbura, baƙi yana shanyewa, sai suka rage wa farin jiki tun daga zane. Mutane sun gano wannan tun kafin a haife ni, ni kuwa na ɗauki mafi kaurin abin da ke kwamfutata na yanka shi da fari.

Su ne kuma suka dage a kan haɗa babban baƙi da ƙanana a sunayen garuruwa. Direba ba ya bin harafi ɗaya-ɗaya, siffar kalmar da yake nema yake hangowa. Rubuta Billiri da ƙananan baƙaƙe ka gani: l biyu sun miƙe sama, ɗigon i uku suna nan, tun daga nesa ka san ba Kumo ba ce. BILLIRI kuwa tubali ne mai kusurwa huɗu kamar kowace kalma. Kalmomin Hausa masu yawan i da a da u sun fi buƙatar wannan, shi ya sa HAIHUWA ta zame mini darni.

Na koma wurin shugaban na ce zan sake allon da kuɗina, amma da sharaɗi: kalma ɗaya za ta zauna a sama. Nan aka ɗan kai ruwa rana, domin suna son sunan ƙungiya ya fito, kuma ban ga laifinsu ba, guminsu ne. Na ce, "Alhaji, mai naƙuda a mota ba ta neman wanda ya biya kuɗin allo." Ya yi shiru, sannan ya ce a yi yadda na gani. Muka yi wa ƙungiyar ƙaramin allo daban a ƙofar asibitin, inda mutum yake tsaye yana karantawa a natse.

Ɓare tsohuwar sitikar shi ne horon. Mai ƙyalli ba ta fita a dunƙule kamar sitikar shago, gutsuttsurewa take yi kamar ɓawon ƙwai. Kwana 2 ni da yarona muna kankara da reza, muna goge danƙon da tsumma da kananzir, farcena duk ya yi shuɗi. Shuɗin ƙasan ma ya ƙwarzabu, dole na sayi sabo. Kowane harafi na ɓare sai na tuna yadda na kama shi na matse.

A sabon allon na yi amfani da Series E daga haruffan Roadgeek, waɗanda kwaikwayon na Amurkan ne. Akwai wani mai suna E Modified da ya fi shi kauri, kaurin sandarsa kashi ɗaya cikin biyar na tsayin harafi, amma tunda fari nake yankawa kuma na riga na ƙone, na tsaya a kan E. Ƙa'idar littafin alamun hanya na Amurka ita ce kowane inci ɗaya na tsayin harafi yana ba da ƙafa 30 na nisan karatu. Na sa A ɗin Asibiti inci 12, wato ƙafa 360, kusan mita 110, daƙiƙa 5 ga mai gudun 80. A ƙarƙashi na sa 200 m da kibiya mai kauri. Tazarar da ke tsakanin haruffa ban taɓa ta ba, yadda ta zo haka na bar ta, ko da yake a kwamfuta ta yi mini kamar ta yi yawa. Gefe-gefe na bar fili shuɗi wanda da can da na ce asarar allo ce. Sannan muka tuge ƙafafun muka dawo da shi mita 200 kafin kwanar, domin ko rubutu ya fi wata haske, idan a bakin kwana yake, mai gudu sai ya wuce kafin ya gama taka birki.

Wani abin da ya kamata mai yanka Hausa ya duba tun kafin ya ɓata sitika: kwafin haruffan da na samu ba shi da Ƙ da Ɗ da Ɓ. A ƙaramin allon da aka rubuta Ƙofar shiga, sai na ɗauki K ɗinsa na zana mata lanƙwasa da hannu, da kauri daidai da sandar harafin, na buɗa ta sosai don kada haske ya cike ta. Idan ka bari kwamfuta ta aro maka Ƙ daga wani salon, za ta fito siririya a tsakiyar 'yan'uwanta kamar baƙuwa.

Kafin mu kafa sai da na gwada, kuma yanzu ba na barin allon hanya ya fita shagona ba tare da wannan ba. A allon farko ni na duba aikina, da rana, daga taku 10, alhali na san abin da na rubuta, idona kuwa yana cike mini abin da bai gani ba. Wannan karon na jingina allon a ƙarshen wani fili bayan sallar isha'i, na samo wani direban tasha mai kimanin shekara 60 wanda bai san me ke jiki ba, ya zauna a mota da fitila a kunne, muna matsowa a hankali. Na ce ya yi magana da zarar ya karanta. Ya ce "Asibiti" tun muna nesa, na sauka na taka zuwa allon, taku 140.

Har yanzu idan aiki ya kai ni Kaltungo na dawo da dare, ina rage gudu a wurin in duba ko ƙura ta rufe shi. Lokacin hunturun bana na tsaya sau biyu na goge shi da tsumma.