Tasirin taki a kan masara ya danganta da irin da aka shuka

Bayanan da na yi aiki a kansu a Samaru na gonakin masara ne daga ƙauyukan Giwa da Soba, kuma kowace gona tana da abubuwa uku a rubuce: buhunan masarar da aka samu a hekta, buhunan takin zamani da aka zuba a hekta, da irin da aka shuka. Na ba irin gida lamba 0, ingantaccen iri kuma lamba 1. Lissafin da ya tara tasirin taki da na iri kawai yana ɗauka cewa buhun taki yana ƙara amfani daidai wa daida ko wane iri aka shuka, alhali manoman da kansu sun sha faɗa mini cewa ingantaccen iri ya fi cin taki. Don haka na saka haɗakar abubuwan biyu a manhajar R:

```
m <- lm(amfani ~ taki * iri, data = gonaki)
summary(m)
```

Alamar tauraron tana sa manhajar ta fitar da layin taki, da layin iri, da kuma layi na uku mai suna `taki:iri`, wanda shi ne ninkin biyun. Adadin farawa, wato amfanin irin gida a gonar da babu taki, ya fito 9, na `taki` 1.5, na `iri` 0.8, na `taki:iri` kuma 1.2.

Da na nuna wa wani abokin aikina takardar, sai ya ɗora yatsa a kan 0.8 ɗin, ya ga ƙimar p ɗinsa babba ce, wato bayanan ba su tabbatar da tasirin ba, ya ce: "Ashe dai ingantaccen irin nan bai tsinana komai ba, malam." Nan ne mutane suka fi zamewa. Da zarar an saka haɗaka, layin `iri` ya daina nufin bambancin iri biyun gaba ɗaya, ya koma bambancinsu a gonar da ba a zuba mata taki ko ƙwaya ba. Haka shi ma 1.5 ba tasirin taki ba ne a dukkan gonaki, tasirinsa ne a gonakin irin gida kaɗai, wato inda iri yake 0. Idan ana son na ingantaccen iri, sai a haɗa 1.5 da 1.2, a samu buhu 2.7 na masara a kan kowane buhun taki.

Na ɗauki biro na lissafa masa gona mai buhu 4 na taki a hekta. Mai irin gida zai samu 9 da 6, wato buhu 15. Mai ingantaccen iri zai samu 9 da 0.8 da 10.8, wato buhu 20.6. Tazarar da take 0.8 a inda babu taki ta zama 5.6 ke nan, kuma tana ci gaba da faɗaɗa da 1.2 a kan kowane ƙarin buhu. Ƙari a kan haka, da ƙyar na samu manomin da ya sayi ingantaccen iri ya bar shi babu taki, saboda haka 0.8 ɗin hasashe ne a wurin da bayanai suka yi ƙaranci, shi ya sa kuskurensa ya yi faɗi.

Maganin da na yi shi ne matsar da sifilin zuwa inda gonakin suka fi yawa:

```
gonaki$taki4 <- gonaki$taki - 4
```

Da na sake gudanar da lissafin da `taki4`, layin `iri` ya koma 5.6, adadin farawa ya koma 15, amma 1.5 da 1.2 ba su motsa ba, domin lissafin ɗaya ne, wurin karanta tazarar ne kawai ya sauya. A ganina wannan ya fi dacewa da rahoton da malaman gona za su karanta, tare da zanen layuka biyu da ke nuna yadda suke rabuwa.

Akwai masu raba bayanan gida biyu, su yi lissafi dabam ga kowane rukuni, idan taki ya nuna tasiri tabbatacce a ɗaya bai nuna a ɗayan ba sai su ce rukunonin sun bambanta. Wannan ba hujja ba ce, domin ƙarancin gonaki a rukuni ɗaya kaɗai yana iya jawo hakan. Abin da ke gwada bambancin shi ne layin `taki:iri` da tazarar amincinsa, wato iyakokin da ake sa ran ainihin adadin yana tsakaninsu, wadda `confint(m)` ke fitarwa, kuma a nawa bayanan ba ta haɗa da sifili ba.

Abu na ƙarshe da na bincika shi ne lanƙwasa. Amfanin taki yana raguwa idan ya yi yawa, kuma masu ingantaccen iri sun fi zuba shi, saboda haka lanƙwasar tana iya ɓuya a cikin adadin haɗakar ta gurɓata shi. Na ƙara `I(taki^2)` a lissafin, adadin haɗakar ya ɗan ɗaga kaɗan, alamarsa ba ta juya ba. A rahoton kuma na tsayar da zanen a buhu 6, domin gonakin irin gida ba su wuce nan ba.