Warin lababon gidan Hajiya

Talata, bayan isha'i.

Yau aiki guda na yi, a unguwar Ali Ɗan Sofo. Hajiya ce ta aiko a kira ni, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya hana ta sakat a makewayi. Ta zuba omo da jabel a lababo, ta yi turaren wuta, duk a banza.

Na duƙa na duba sifon, wato lanƙwasar nan ta tiyo da ke ƙarƙashin lababo. Aikinta ta riƙe ɗan ruwa, zurfin santimita 5 ko fiye kaɗan. Ruwan nan shi ne ƙofa: ƙazantar sama ta bi ta cikinsa ta wuce, iskar masai kuwa ba ta da hanyar hawowa. Na Hajiya ya ja baya har ya bar kafa, kuma sifon ɗin ba ya yoyo.

To ina ruwan ya tafi? A ɗakin baƙi da ake rufewa wata da watanni, bushewar hunturu ko zafin bazara ne ke shanye shi. Amma wannan lababo kullum ana wanke hannu a ciki. Sai na cika sifon ɗin, na ce jikanta ya ja ruwan masai, ni kuma na kasa kunne. Nan take lababo ya yi ƙululu, ruwan ya sake yin ƙasa.

Hajiya ta ce, "Ɗana, me ya haɗa masai da lababo?"

Na ce, "Hajiya, tiyo ɗaya suke zuba wa. In ruwan masai ya gangara gaba ɗaya yakan cika tiyon, ya ja iska a bayansa. In babu inda iska za ta shigo, sai ya zuƙo ta ta lababo, ya tafi da ruwan sifon. Kin ga jarka in an kifa ta, tana zuba tana shaƙewa. A huda gindinta, sai ruwa ya sauka sumul."

Abin da ke ɓata mini rai ke nan da yawancin ginin da nake shiga. A kashe kuɗi a kan karo da fenti, a hana tiyo hanyar numfashi.

Maganin shi ne a ɗaura tiyo mai milimita 100 a kan layin masai, ya bi bango ya zarce rufi, nesa da taga. Ta nan iska za ta shiga in an ja ruwa, ta nan kuma warin rami zai fice sama. Hajiya ta so a toshe bakinsa don gudun wari, na ce raga kawai za a ɗaure saboda sauro, in an toshe an koma gidan jiya.

Gobe in Allah ya kai mu zan sayo tiyon a kasuwa. Kafin nan na ce duk wanda ya ja ruwan masai ya buɗe pampon lababo na ɗan lokaci, sifon ya sake cika.