Binciken kuɗin ruwan obadiraf: aikin da muke yi wa 'yan riɗi

Ofishinmu ƙarami ne, a yankin Gumel, aikinmu riƙe wa 'yan kasuwa lissafi. Da kaka ta yi, masu sarin riɗi da zoɓo kan karɓi obadiraf, wato banki ya yarje musu su ciri fiye da abin da ke asusunsu zuwa wani iyaka. Da yawa suna ƙyamarsa saboda riba, kuma da hujjarsu. Amma wanda ya riga ya shiga, bai kamata a ƙware shi ba.

Takardu biyu muke nema: takardar yarjejeniya da sitatimen, wato takardar banki mai nuna shiga da fitar kuɗi a asusu. A ta farko muke ganin iyakar bashin, kason ruwa na shekara, da ko kwana 365 ake rabawa ko 360.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne, ruwa ba a kan iyakar yake hawa ba, a kan abin da ake bin mutum kowace rana ne. A ce iyakar naira miliyan 5 ce, ruwa kashi 30 cikin ɗari. A watan Nuwamba an bi shi miliyan 2 na kwana 10, sai miliyan 4.5 na kwana 12, da ya sayar da kaya a Maigatari bashin ya sauko miliyan 1 na kwana 8. Kowanne a ninka shi da kwanakinsa: miliyan 20, 54, da 8, jimla 82. A ɗauki kashi 30 na wannan, a raba da 365, ya ba da naira 67,397. Wannan ya kamata a gani a sitatimen.

Idan bai zo daidai ba, girman bambancin kan nuna inda matsalar take. In an ga 68,333, da 360 aka raba. In an ga 123,288, an ɗora ruwan a kan miliyan 5 ɗin gaba ɗaya. Akwai kuma wadda ba ta fitowa fili: layin da aka rubuta Value Date, ranar da banki ya fara ƙirga kuɗin da aka zuba. Miliyan 3.5 ɗin nan da ya biya, in aka jinkirta ta kwana biyu kawai, ya yi asarar naira 5,753.

Sai caje-caje. Jagorar Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a 2020 ta ƙayyade kuɗin gudanar da bashi kada ya wuce kashi 1, sau ɗaya. A nan naira 50,000 ke nan, da harajin VAT na kashi 7.5, wato 3,750. Harajin a kan cajin yake, ba ya hawa kan ruwa. Duk cajin da babu shi a yarjejeniya, ko ya maimaitu wata-wata, muna ja masa layi.

Daga nan sai mu jera lissafin rana-rana a takarda, mai asusu ya sa hannu ya kai reshen bankinsa, ya karɓi shaidar sun amsa. In sun yi shiru, sai a kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.