Hoton da Na Ɗauka Ranar da Ba Mu Gasa Komai Ba

Makon jiya na leƙa gidan burodin 'yar ƙanena da sassafe, na tarar da ita tana kwashe gwangwanayen gashi, baƙaƙen nan da suka sha wuta, tana cusa su bayan buhunan fulawa. A kan tebur ta jera sababbi guda shida masu ƙyalli, waɗanda ko sau ɗaya ba su shiga tanderu ba. Na ce mata lafiya? Ta ce, "Gwaggo, jerin hotuna zan ɗora a Instagram, irin wanda ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya, in nuna wa mutane yadda muke aiki a ciki, su ƙara yarda da mu." Sai na nemi wuri na zauna, don na san wannan hanyar, ni na riga ta bi.

A 2017 Instagram ya fara ba da damar haɗa hotuna goma a ɗora su lokaci guda, ni kuwa ban jima ba na ce sai na gwada. Na zaɓi ranar da ba ma aiki. Na aro farin tebur, na saya wa yarana riguna sababbi, na kira mai hoto. Injin kwaɓinmu ya tsufa, fentinsa ya ɓare, sai na ce a jefa masa zane a rufe. Na barbaɗa fulawa a tebur, na naɗe hannun riga, na hau murza kwaɓi da hannu kamar haka nake yi kullum. A hoto na uku na ajiye curin man shanu a faranti kusa da ƙwai. Ƙasan hoton na rubuta cewa da hannu muke murzawa, da kauna.

To, kilo ashirin da biyar muke kwaɓawa a zubi ɗaya. Wane hannu? Kuma majarin muke sawa, ba man shanu ba. Har yau in na tuna sai in ce ai ban rubuta "man shanu muke sawa" ba, ajiye shi kawai na yi don ya ƙawata hoto. Kuma kowa haka yake yi a lokacin. Kuma burodin nawa mai kyau ne, ban taɓa cutar kowa da shi ba. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya ga man shanu kusa da kwaɓi, ya san abin da aka gaya masa ko ba a buɗe baki ba.

Hotunan sun yi farin jini, oda ta ƙaru. Bayan kamar wata biyu wata mata da ke ɗaukar burodi talatin duk mako ta zo karɓa da wuri, ƙofar baya a buɗe. Ta ga injin yana ruri, ta ga bokitin majarin a buɗe da ludayi a ciki. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe inji ne." Ta biya, ta tafi, ban sake ganinta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, inji ba aibu ba ne. Inji yana murza kwaɓi daidai wa daida fiye da hannun da ya gaji. Da na nuna shi tun farko, da abin alfahari ne. Ni na mai da shi abin kunya da na rufe shi da zane.

Sai na yi fushi na faɗa ɗaya ramin. Na ce to, gaskiya kuke so, ga ta. Na ɗauki waya ranar aiki na yi ta ɗauka ba tare da na duba gefe ba. A hoto na huɗu, yaron da ke yanka kwaɓi da zobe a yatsa, kai ba hula. A na bakwai, burodi a leda, ledar ta yi gumi daga ciki. Ni gani nake wannan gumin shaida ce cewa sabo ne. Wata da ta san sana'a ta rubuta cewa da zafi muke ƙunshewa, kuma ta yi gaskiya. Burodin da bai huce ba yana fitar da tururi, tururin ya koma ruwa a jikin leda, ɓawon ya yi laushi, fumfuna ta zo da wuri. Dole a bar shi a kan raga awa ɗaya zuwa biyu. Hoton bai yi mini ƙarya ba, aikin ne ke da gyara, ni ce ban gani ba sai da na tallata shi.

Na zo da niyyar ba yarinyar nan shawarwari goma, amma da na buɗe baki sai suka tsuke.

Na ce ta dawo da baƙaƙen gwangwanayen. Baƙin da ke jikinsu mai ne da ya gasu ya kama ƙarfe, shi ke hana burodi mannewa. Ta nuna su a wanke, a kife, ta rubuta layi ɗaya ta bayyana. Abin da mai saye zai gani ya yi zargi, gara ke ki riga shi faɗa.

Na ce ta nuna abin da ake aunawa, don ido ya fi yarda da lamba a kan kalmar "tsabta" ko "inganci". Hoton sikeli da gishiri giram 20 a kai, a rubuta cewa na kilo ɗaya na fulawa ne. Kwaɓi a roba mai layin awo a gefe, sannan hoto na gaba daga kusurwa ɗaya bayan ya ninka, da lokacin da ya ɗauka. Yatsa ya danna kwaɓin, ramin yana dawowa a hankali, alamar ya isa shiga wuta. Ma'aunin zafi a soke a tsakiyar burodi yana nuna sama da digiri 90. Sai raga, burodi na hucewa. Hoto shida ko bakwai ke nan in an haɗa da na farko, wanda ya kamata ya zama burodin a yanke, cikinsa a fili, don shi zai sa a ja zuwa na biyu. Ta ce ai yanzu har ashirin ake iya sawa. Na sani, tun 2024. Ku yaran yanzu in an ba ku ɗaki ashirin sai kun cika shi da tarkace. Wa zai ja yatsa sau ashirin don burodi?

Ta ce to ke nan kada ta gyara komai kafin ɗauka? Na ce a'a, ki gyara mana, ki share, ki cire wayar nan daga tebur, kowa ya sa hula ya cire zobe. Ta ce, "Gwaggo, ba yanzu kika ce kada in shirya wuri don hoto ba?" Na faɗa, kuma na sake faɗar wannan. Gyaran da za ki ci gaba da shi gobe da jibi, yi shi yau ki ɗauka. Wanda za ki warware da zarar an kashe waya, bar shi. Ma'aikatanki kuma ki tambaye su kafin ki sa fuskarsu, wanda bai so ba a ɗauki hannunsa kawai. Girkinki na sirri ba dole ki bayyana ba, ɓoye awo daban yake da ajiye abin da ba kya sawa.

Tana ji tana latsa waya, ban san ko rabin maganar ya shiga ba. Da zan fita na waiga, na ga ta jawo baƙaƙen guda huɗu daga bayan buhu. Sababbin dai suna nan kan tebur, ba ta ɗauke ba.