Ɗango biyu da na nemi izininsu

Da malaminmu na Islamiyya a Tudun Wada ya rasu, tsofaffin ɗalibai suka ɗora mini waƙar ta'aziyya. Ina cikin rubutu sai wasu ɗango biyu na wata waƙar fim suka zauna daram a amshi. Mai situdiyon da nake aiki da shi a Kawo ya ce in saka kawai, wa zai kula? Ban yarda ba, don waƙar za ta hau YouTube.

Aikin farko shi ne gano wanda za a tambaya. Wanda ya rera daban, wanda ya rubuta daban, kuma kalmomin na marubucin ne. Wani makaɗi ya ba ni lambarsa, na tura masa wannan ta WhatsApp:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ina neman izininka in sa ɗango biyu na waƙarka cikin waƙar ta'aziyyar malaminmu. Ga su nan a ƙasa yadda ka rubuta su. A amshi za su zo, sau uku, da karin da ni na yi. Za mu rera ta a taron addu'a, sannan mu ɗora a YouTube da Audiomack, ba na sayarwa ba. Zan rubuta sunanka a ƙarƙashin bidiyon. Shin haƙƙin waƙar yana hannunka har yanzu?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi amfani. Marubuta da yawa kan sayar wa furodusa waƙa, shi ma haka ya yi. Sai dai ya ce kuɗi aka miƙa masa hannu da hannu, ba takarda. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, mallaka wa wani haƙƙi ba ya tabbata sai an rubuta, don haka kalmomin suna nan nasa. Duk da haka na kira furodusan na sanar da shi, gudun rigima.

Akwai kuma gyara. Waƙarsa kan mace take, tawa kan namiji, dole "ta" ta koma "ya". Doka ta ba marubuci damar ƙin a taɓa masa aiki ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, saboda haka na tura masa ɗangon kafin gyara da bayan gyara.

Amsarsa ta zo da murya: "Ba komai ƙanena, Allah ya jiƙan Malam." Izini irin wannan, wanda bai hana shi ba wa wani ba, doka ta yarda da shi ko da baki aka bayar. Amma "ba komai" bai ambaci YouTube ba, bai ambaci gyaran ba. Na roƙe shi ya rubuta, ya rubuta, har da sharaɗin cewa in waƙar ta fara kawo kuɗi mu sake zama.